Batirin na'urar jin Baba ba ya kai magariba

Nasiru Argungu: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu amfani da na'urar ji ku taimaka min. Ta mahaifinmu ce, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne, batirinta mai lamba 13. Da can batir ɗaya yakan yi masa mako guda har da ɗoriya. Tun da damina ta kankama abin ya canza. In ya sa sabo da asuba, kafin la'asar ta fara ƙarar nan ta gargaɗi, kafin magariba ta ɗauke ɗif. Kati ɗaya mai batir shida bai ƙara kai mako ba. Baba ya ce a bar masa abin ya huta, mu kuma ga shi mun koma ɗaga murya a gida. Na'urar ce ta mutu ko batiran ne na jabu?

Ɗan Yauri: Wa alaikumus salam. Ai matsalar wuta ce malam. Tawa ma in ba ta cika da dare ba, ba ta kai yamma. Ka nemo masa ƙaramar sola ya riƙa jona ta.

Nasiru Argungu: Ba ta caji ba ce ɗan'uwa. Batir ake cirewa a jefar a sa wani.

Ɗan Yauri: Au, to ban ga wurin ba. Allah ya ba Baba lafiya.

Usman Mai Rediyo: Nasiru, bari mu fara da lissafi kafin a zargi kowa. Batir mai lamba 13 na gaskiya yana ɗauke da wajen 300 mAh, wato in ana jan 1 mA, ma'aunin wutar da na'ura ke ja, zai yi awa 300. Irin waɗannan na'urori abin da suke ja bai cika wuce 1 zuwa 2 mA ba. Ko ka ce 2 take ja, awa 150 ke nan. In Baba yana sa ta awa 14 a yini, ya kamata ya haura kwana goma. Kafin a shanye batirin nan tas daga asuba zuwa magariba, sai na'urar ta ja sama da 20 mA, ninki goma ke nan ko fiye. Lafiyayyar na'ura ba ta yin haka. Saboda haka ɗayan uku ne. Ko wuta na zurarewa a ciki, ko abin da kuke saya ba batirin na'urar ji ba ne, ko kuma batirin bai mutu ba, na'urar ce ta kasa samun wutar da ke cikinsa.

Anti Luba: Usman ya ɗauko hanya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kunne, kuma na ukun nan da ya faɗa shi na fi gani, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Nasiru, batiran da Baba ya cire jiya da shekaranjiya, an zubar ko suna nan?

Nasiru Argungu: Suna nan Anti. Baba ba ya zubar da komai, yana tara su a gwangwanin alawa.

Anti Luba: Madalla da Baba. Ɗauko na jiya. Ka goge shi da busasshen ƙyalle, ka ajiye shi a kan takarda, ɓangaren da ke da 'yan ramukan yana kallon sama, ka ba shi kamar rabin awa. Sannan ka mayar da shi cikin na'urar ka rufe. In ta tashi ta yi minti biyu ko biyar ta sake mutuwa, batirin ya ƙare da gaske, don ko mataccen batir yakan ɗan farfaɗo in ya huta. In kuwa ta tashi ta yi awa biyu, uku, tana aiki, to batirin da ransa kuka cire shi. Kafin rabin awar ta cika, ka duba min bayan katin ka faɗi abin da aka rubuta, sannan ka faɗi launin takardar da ke manne a kan kowane batir.

Nasiru Argungu: An rubuta 13, a ƙasa kuma PR48, sai 1.45V. Takardar ruwan lemo ce.

Anti Luba: To wannan na gaskiya ne ta fuskar iri. Launukan ba ado ba ne, kowane kamfani haka yake yi: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi.

Maman Halifa: Ni wannan ne ya same ni da ɗana. Tasa ma 13 ce. Batir ya yanke mana, na aika kasuwa, mai agogo ya ɗora tsohon a kan wani ya ga girmansu ɗaya ya ba da shi. AG5 aka rubuta a jiki, babu takarda, babu ramuka, sumul yake. Ya shiga daidai, na'ura ta tashi, amma kwana ɗaya ko biyu shi ke nan. Ga shi da araha, sai ka ɗauka ka yi dabara.

Usman Mai Rediyo: Hajiya ai wannan batirin agogo ne da kalkuleta. Girma ɗaya, ciki daban. Abin da yake ɗauke da shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ɗan'uwansa mai ramuka ba. Haka AG3 yake shiga gurbin 312, AG13 kuma gurbin 675. Duk wanda ba ki ga takarda a kansa ba, kar ki karɓa sai dai don lalura ta kwana ɗaya.

Nasiru Argungu: Namu dai da takardarsa. Amma Anti mece ce hikimar takardar? Baba ɓarewa yake ya zura nan take ya rufe.

Anti Luba: Nan ma akwai gyara. Batirin nan da iska yake aiki. A cikinsa garin tutiya ne da wani ruwan sinadari, kuma ba ya ba da wuta sosai sai iska ta shiga ta 'yan ramukan nan ta haɗu da su. Shi ya sa yake ɗaukar wuta fiye da na agogo, don rabin abin da yake bukata ba a cusa masa a ciki ba, daga waje yake shaƙa. Takardar toshe ramukan take yi don ya jira a kanti shekara biyu ko uku bai lalace ba. Ka ɗauke shi kamar gawayi a kurfoti: ka kunna, bai gama kamawa ba ka kife masa kwano, zai yi ta hayaƙi ba zafi. Gidan batir na na'urar matsattse ne, iskar da ke shiga kaɗan ce. In ka zura shi bai sha iska ba, yakan fara da rauni, na'urar ta ga wuta ta yi ƙasa ta buga gargaɗi, mai ita ya ce batir ya mutu.

Abin yi: ya wanke hannu ya bushe, ya ɓare takardar, ya ajiye batirin ramuka sama, ya jira. Kar yatsa ya danne ramukan, musamman in ya shafa mai ko ya taɓa abinci, don maiƙo kaɗan ya isa ya toshe su.

Nasiru Argungu: Ya jira minti nawa?

Anti Luba: Yawancin kamfanoni minti ɗaya suke rubutawa a kati, wasu biyu. Ni biyar nake ce wa mutane. A 2015 wani ɗan makaranta a jihar Minnesota ta Amurka, shi ma mai sa na'urar ji ne, ya gwada wannan a aikin kimiyya na makaranta, ya ga jiran minti biyar yana ƙara wa batir kwana biyu zuwa uku. Daga nan maganar minti biyar ta bazu.

Usman Mai Rediyo: Anti ni biyar ɗin nan ban gamsu ba. Na sha ɗora mitar awon wuta. Da takarda a kai yakan nuna 1.1 zuwa 1.3, ka ɓare, cikin minti ɗaya ya haura 1.4. Me ya rage ya jira? Gwajin yaro ɗaya ba zai zama doka ba.

Anti Luba: Mita ba ta jan wuta Usman, kallo kawai take yi. Batir na iya nuna maka 1.4 a kan teburi, ka ɗora masa aiki ya durƙushe. Kuma irin wannan batirin lambarsa ba ta sauka a hankali, tana tsayawa kusan wuri ɗaya har dab da ƙarshe sannan ta faɗi, don haka mita ba ta gaya maka kwana nawa ya rage. Ban ce biyar wahayi ba ce. Amma minti huɗu na ƙari ba kuɗi ake biya ba.

Usman Mai Rediyo: Wannan kam gaskiya ne. Amma ni dai ina nan a kan biyu.

Malam Garba Gwandu: Salamu alaikum yara. Ni shekaruna da abin ga a kunne sun fi na wasunku a duniya. Abin da ni kai, in na tashi da asuba ranar canji, sai in ɓare in aje bisa taga, in tai in yi alwala in yi raka'atal fajri, in na dawo in sa. Ban taɓa duba agogo ba. Amma ina da tambaya ga malama. Da dare ina maida takardar bisa batir don kar shi ci iska banza. Shin yana da amfani ko wahala ni kai?

Anti Luba: Baba Malam barka da warhaka. Da zarar an ɓare, aiki ya fara, mayar da takarda ba ya mayar da shi sabo. Ko ba a sa shi a na'ura ba, cikin 'yan makonni zai bushe ya mutu. Masu yin batirin cewa suke kar a dogara da mayarwa. Abin da nake tsoro shi ne gam ɗin takardar da ta sha hannu ya bar datti a bakin ramukan.

Malam Garba Gwandu: To ni dai da hunturu ina ganin kamar yana ƙara mini kwana. Ba ni barin ta.

Anti Luba: Da hunturu iskar mu bushewa take ƙwarai, tana kuma busar da ruwan cikin batir, don haka ba zan yi musu da kai a kan abin da ka gani ba Baba.

Nasiru Argungu: Jama'a ga labari. Batirin jiya da na mayar tun ƙarfe goma, yanzu an kira azahar, Baba yana zaune yana jin rediyo da shi. Ashe da ransa.

Usman Mai Rediyo: Ka gani ko. Gwangwanin alawar nan dukiya ce. Yanzu buɗe murfin batirin gaba ɗaya, ka haska tocilar waya a ciki. Akwai 'yan ƙarafa biyu da batirin ke taɓawa, ɗaya a gefe ko sama, ɗaya a ƙasa. Yaya launinsu?

Nasiru Argungu: Ɗaya yana ƙyalli kamar zinari. Ɗayan kuwa akwai wani abu kore-kore da fari-fari a gindinsa, kamar gishiri ya bushe. Cikin murfin ma da ɗan jiƙa, da na sa gefen takarda ta fito da laima da wani jan datti. A jikin batiran gwangwanin ma na ga biyu da tabon tsatsa.

Usman Mai Rediyo: Shi ke nan an kama ɓarawo. Samo 'yar sanfefa mai laushi ko bakin reza ka kankare koren nan har ƙarfe ya fito fes, ka ɗan ɗago ƙarfen da allura ya ƙara matse batir. Haka nake yi wa rimot da rediyo.

Anti Luba: A'a Usman, tsaya. Nasiru kar ka sa reza. Ganewar daidai ce, maganin ne na rediyo. Ƙarafan nan rufi ne siriri aka yi musu don kar su yi tsatsa. Ka kankare shi, yau za ta yi aiki, bayan wata ɗaya tsatsar ta dawo ta fi ta da. Lanƙwasawa kuma in ya karye, sai an buɗe na'urar gaba ɗaya.

Ga yadda za ka yi. Cire batir. Ka samo tsinken auduga na goge kunne, busasshe, ka murza a kan ƙarfen a hankali, kana juya na'urar bakin murfin yana kallon ƙasa don abin da ya fita ya zubo waje. In akwai ɗan buroshin da aka haɗo da na'urar, ka share lungunan da shi. In koren ya ƙi fita, ka ɗan taɓa audugar da sifirit na kemis, ka matse ta sosai har ta zama laima kawai ba ɗiga ba, ka goge ƙarfen kaɗai, kar ya kai ga ramin da sauti ke shiga. Ka bar murfin a buɗe ya bushe sarai kafin batir ya koma. Murfin kansa ka goge cikinsa, don nan ruwa ke kwanciya, kuma ɓangaren ramukan batir kusa da nan yake.

Abin da ke faruwa shi ne, zufa ruwan gishiri ce. Tana gangarowa ta bayan kunne ta shiga ta tsagar murfi. In ta shafi ramukan, batir ya kasa shaƙar iska. In ta kwanta tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wuta ta riƙa zurarewa ta cikinta ko na'urar a kashe take. In ta bushe ta bar koren nan, shi kuma ya tare hanya, wutar da ke isa ciki ta ragu, na'ura ta yi gargaɗin ƙarya. Baba yana fita gona?

Nasiru Argungu: Kusan kullum yana fadama wajen shinkafa, da hula da rawani a kai, sai azahar yake dawowa sharkaf. Kuma yanzu da na lura, in zai yi alwala cire ta yake ya sa a aljihun gaba, yana idarwa ya mayar, hannu da kunne duk da ruwa.

Anti Luba: To ka ga sau biyar a yini ana ba ta ruwa, ban da zufa. Ya ajiye ɗan hankici don wannan kaɗai. Bayan shafar kunne ya tsane bayan kunnen da yatsunsa kafin ya ɗauke ta. Aljihun ma a duba, in akwai makulli ko tsabar ƙarfe, batirin da ke yawo a ciki ba kati yakan haɗu da su ya zube. In ya dawo daga fadama ya buɗe murfin, ya goge batir da cikin gidan, ya bar ta ta sha iska lokacin da yake cin abinci. Da dare kuwa dole murfi ya kwana a buɗe, ba kashewa da maɓalli kawai ba.

Ɗan Yauri: Ku tura ta cikin shinkafa ta kwana mana, kamar waya in ta faɗa ruwa. Argungu ai ba a rasa shinkafa ba. Batiran kuma a shanya su a rana su ƙara ƙarfi.

Maman Halifa: Ni ma shinkafar nake yi wa ta Halifa.

Anti Luba: Shinkafa tana ɗan ja, amma ƙurarta na shiga ramin sauti, kuma shinkafar damina ita kanta da laimarta. In ba wani abu, a naɗe na'urar a ƙyalle mai tsabta tukuna. Abin da ya fi shi ne 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin takalmi ko robar magani, waɗanda aka rubuta Silica Gel a jiki. Ka tara sababbi da dama a kwalba mai murfin da ke rufuwa gam, na'urar ta kwana a ciki murfinta a buɗe. Batirin kuma a waje zai kwana, don abin da ke busar da na'ura zai busar da shi ma. Ƙunshin in ya ƙoshi da laima ya daina aiki, sai an canza. Rana kuwa a'a, ko batir ko na'ura. Zafi yana kashe batirin nan ne, yana kuma lalata robar na'ura. Haka kusa da murhu ko cikin mota.

Malam Garba Gwandu: Firij fa? Ɗiyata can taka aje min kati.

Anti Luba: A fitar da shi Baba. Sanyi da raɓar firij na ɗaga takardar, iska ta shiga tun ba a ɓare ba. Durowa a ɗaki mai inuwa ta isa. Kuma Nasiru, gwangwanin alawar nan a ɗaga shi inda jikoki ba sa kaiwa. Yaro ya haɗiye batir ko ya cusa a hanci, asibiti ne nan take, ba a jira a ga abin da zai faru.

Nasiru Argungu: Na dawo da bayani bayan kwana biyu da aka ji ni shiru. Na goge kamar yadda Anti ta ce, audugar farko kore ta fito, ta uku ce ta fito fari. Gindin ƙarfen akwai ɗan baƙin tabo da ya ƙi fita, na ƙyale shi. Mun samu kwalba da ƙunshin. Baba yana jira bayan ya ɓare, ya ce shi tasbihi yake ja ba agogo ba. Batirin farko ya yi kwana huɗu, na biyu ma huɗu. Alhamdu lillahi ya fi yini ɗaya nesa, amma bai koma mako da ɗoriyar da muka sani ba. Na tsofaffin gwangwani kuma wasu sun tashi, masu tsatsar na ware su.

Usman Mai Rediyo: Kwana huɗu a awa 14, awa 56 ke nan. In batirin cikakke ne, tana jan sama da 5 mA. Har yanzu da sauran ɓaraka. Ni ina zargin gishirin ya wuce gidan batir ya shiga ciki.

Anti Luba: Zai yiwu, amma kafin nan a cire abu biyu masu sauƙi. Na ɗaya, duba ranar ƙarewa a bayan katin, sannan ka sayo wani kati daga wani shago daban ka gwada. Katin da ya sha zafin rumfar kwano ko takardarsa ta ɗan ɗaga, ba zai ba ka 300 ɗin da Usman ke lissafi da shi ba. Na biyu, ka saurara ko tana fito in tana kunnen Baba. Robar kunne in ta saki ko 'yar tiyon da ta haɗa ta da na'urar ta tsage, sauti na komawa ciki, ta yi ta fito siriri wanda shi ba ya ji, kuma wannan na cin batir. Haka in dattin kunne ya toshe robar, zai yi ta ƙara murya har ƙarshe.

Nasiru Argungu: Katin saura shekara ɗaya a kansa. Fito kam tana yi in yana tauna goro, kuma tiyon ta yi tauri ta koma rawaya.

Anti Luba: Tiyon ta isa canji, abu ne na minti kaɗan a wurin masu aikin. In an canza, an gwada sabon kati, har yanzu kwana huɗu, to a kai ta inda aka saka masa a ce a auna wutar da take ja, akwai abin awon wannan. In can ba su da shi, ku nemi sashen kunne na asibitin koyarwa na Sakkwato ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ku kira tukuna kafin ku kama hanya. Ku tafi da katin da kuke amfani da shi da kuma lissafin kwanakin.

Usman Mai Rediyo: Ni dai na ce ciki ne. Nasiru in ka gwada sabon katin ka faɗa mana.

Nasiru Argungu: In sha Allahu. Ƙanena zai shiga Birnin Kebbi ranar Litinin, zan ba shi tsohon katin ya nuna don kar a haɗa shi da na agogo. Anti, tiyon ita ma tana da lamba ko kowacce aka samu ta yi?